Kuɗin Kowace Sawa: Nazarin Lissafin Takalman Wani Ma'aikaci Na Tsawon Shekara Bakwai

Asalin matsalar

Mutumin da wannan nazari ya shafa ma'aikaci ne da aikinsa ke sa shi zagaya rassa da rumbunan ajiya yana duba kaya, kuma yawancin zagayen a ƙafa yake yin sa. A rana yakan taka abin da ya kai kilomita 6, wani a kan kwalta, wani a kan siminti, wani kuma cikin tsakuwa. Yana fita aiki kwana 20 a wata, wato kwana 240 a shekara, kuma wurin aikin nasa yana bukatar takalmi sau-ciki mai kyan gani, don haka silifa ko takalmin wasanni ba su shiga zaɓinsa ba.

Domin lissafin ya yi amfani ga kowa a ko'ina, an rubuta kuɗin da lamba zalla ba tare da sunan kuɗin wata ƙasa ba. An ɗauki farashin takalmin da ya saba saye a matsayin 2,000, sauran kuma an auna su da shi, sa'annan an tsayar da farashin duka a matsayinsa na shekarar farko don kada hauhawar farashi ta rikita kwatancen.

Shekara da shekaru yana sayen na 2,000, idan ya mutu ya jefar ya sayi wani. Abokan aikinsa suna yawan ce masa araha ba ta ado, kuma da zai daure ya sayi mai tsada sau ɗaya da ya huta. Shi kuwa a ganinsa takalminsa yakan yi wata shida, kenan 4,000 a shekara, kuɗin da bai kai a tayar da hankali a kansa ba. Babu ɗayansu da ke da hujja a rubuce. Abin da ya sa ya fara rubutawa shi ne wata rana da tafin takalmin dama ya ɗaye daga gaba yana tsakiyar zagaye, ya ƙarasa aikin yana jan ƙafa, da ya koma gida kuma ya kasa tuna ko yaushe ya saye shi.

Shekara ta farko: ƙidaya kawai

Lissafin da ya ɗauka mai sauƙi ne. Ana haɗa kuɗin saye da duk abin da aka kashe wa takalmin daga baya, gyara da mai da shimfiɗar ciki, a raba da yawan ranakun da aka sa shi. Abin da ya fito shi ne kuɗin kowace sawa. Ya yanke cewa sawa ɗaya tana nufin cikakken wunin aiki, idan kuma fita ce ta awa biyu ko uku sai ya rubuta rabi. Wannan sharaɗi ya yi masa amfani daga baya, domin wanda ya ƙidaya zuwa bakin titi da wunin zagaye a matsayin abu ɗaya zai samu lamba mai daɗin ji wadda ba ta nufin komai. Ya rataya kalanda kusa da inda yake ajiye takalma, duk yamma ya ja layi.

A wannan shekarar bai canza komai a ɗabi'arsa ba. Takalmi na farko ya yi sawa 85, na biyu 70, na uku 85. Matsakaici 80 kenan, wato wata huɗu, ba shida da yake zato ba. Kowane ɗaya sai da aka kai shi wajen mai gyara aka manne tafinsa da gam a kan 120, kuma kowane ɗaya sai da ya saya masa shimfiɗar ciki ta 120 bayan wadda ya zo da ita ta lotsa. Jimillar shekarar ta kama 6,720, da aka raba da 240 kuma aka samu 28.

Ya kuma lura da yadda suke mutuwa, kuma duka ukun hanya ɗaya suka bi. Saman takalmin ba fata ba ce, yadi ne da aka shafe da roba aka yi masa zanen fata. A wajen sawa ta 40 wannan shafen yakan fara tsagewa daidai inda ƙafa ke lanƙwasawa a gindin yatsu, sai ya riƙa ɓarewa kamar ɓawo. A wajen ta 60 gam ɗin da ke riƙe da tafin yakan saki daga gaba. Daga ƙarshe sai dunduniyar ta cinye ta gefen waje har ramukan da ke cikinta su bayyana, tsakuwa ta riƙa shiga tana ƙara idan yana tafiya. Dunduniyar irin waɗannan takalma ba cikakkiya ba ce, ciki saƙar zuma ce da aka yi don rage roba da nauyi, saboda haka da zarar fatar waje ta huje babu abin da mai gyara zai kafa wa ƙusa. Idan aka buga 80 sau kilomita 6 za a ga kowane takalmi ya yi tafiyar kilomita 480 kafin ya kwanta, wanda ba abin raini ba ne ga abin da aka saya a 2,000.

Lambar 28 ita ce ta zama ma'aunin da aka riƙa gwada duk abin da ya biyo baya.

Shekara ta biyu: mai tsada na farko

A watan farko na shekara ta biyu ya sayi takalmi na 9,000 na wani sanannen kamfani, wanda aka yi wa ragi saboda ya daɗe a kanti. Mai sayarwa ya ce masa zai yi shekara uku. Ya buga lissafi a takarda: shekara uku sawa 720 ce, 9,000 a raba da 720 bai wuce 12.5 ba, ƙasa da rabin 28. A takarda dai magana ta ƙare.

Matsala ta farko ta taso tun a makon farko. Ya gwada takalmin da safe, da siririyar safa, yana zaune. Ƙafar mutum kuwa takan ɗan kumbura zuwa yamma, musamman ta mai wuni a tsaye, sai ga shi takalmin yana matse masa ƙaramin yatsa da ƙashin gefen babban yatsa. Bororo ya fito masa a wuri biyu. Ya biya 200 aka buɗa takalmin da ƙarfen buɗawa, ya sassauta kaɗan a faɗi, amma buɗawa ba ta ƙara tsawo. A cikin wata bakwai na farko, kwana 20 ya yi su cikin tsohon takalminsa na araha saboda ƙafar tana bukatar hutu.

A nan ne lissafin ya fara yi masa illa maimakon amfani. Duk ranar da ya duba kalanda ya ga kuɗin kowace sawa yana sama da 100, sai ya tilasta wa kansa sa takalmin don lambar ta sauko. Kuɗin da ya riga ya biya ba zai dawo ba ko ya sa ko bai sa ba, amma ya kwashe makonni yana ɗingishi domin ya gyara lamba a takarda.

A wata na bakwai, a sawa ta 120, tafin ya fara marmashewa. Ba cinyewa ya yi daga ƙasa ba kamar yadda tafi ke yi idan ya sha tafiya. Da farko ya zama mai danƙo, yana barin baƙin tabo a kan tayil, sa'annan wani yanki na dunduniyar ya ɓalle ya faɗi, cikinsa kuma yana rugujewa a hannu kamar busasshen soso. Mai gyara ya juya takalmin ya nuna masa haruffan PU a ƙasa. Tafin na foliyuretan ne, roba marar nauyi mai taushin takawa, amma tana da wani ciwo sananne: laimar da ke cikin iska tana shiga jikinta a hankali tana karya ƙwayoyin da suka haɗa ta, kuma zafi da danshi suna hanzarta hakan. Agogon wannan lalacewa yana fara bugawa ne daga ranar da aka ƙera tafin, ba daga ranar da aka saya ba, kuma takalmin da ke kwance cikin kwali ba ya tsira. Ragin da aka yi masa, ashe, kuɗin shekarun da takalmin ya riga ya cinye a kanti ne.

Ya nemi a canza tafin. Mai gyara ya ce zai iya ɓamɓare tsohon ya manna sabo a kan 3,000, amma ya nuna masa cewa saman ma ya fara tsagewa, domin fata ce siririya da aka kankare fuskarta aka shafe ta da fenti mai kauri, kuma irinta ba ta shan mai. A kimantawarsa saman ba zai wuce wata uku ba, sawa 60 kenan. Mai takalmin ya fara haɗa 3,000 da 9,600 da ya riga ya kashe (kuɗin saye da buɗawa da mai na 400) ya raba da 180, ya samu 70, ya ga ai ya fi 80 da yake a kai, kamar gyaran riba ne. Sai daga baya ya gane kuskuren. Tambayar da ke gabansa ita ce nawa zai biya a kan kwana 60 masu zuwa, kuma amsar ita ce 3,000 a raba da 60, wato 50 a kowace sawa, alhali takalmin araha zai ba shi waɗannan kwanaki a kan 28. Ya fasa gyaran.

Takalmin ya rufe littafinsa a kan 9,600 da sawa 120, wato 80 a kowace sawa. Da zai yi kunnen doki da na araha sai ya kai sawa 343. Sauran kwana 120 na shekarar ya yi su da na araha, kuma kuɗin takalminsa a wannan shekara ya kusa ninka na shekarar farko.

Kafin shekara ta uku: abin da mai gyara ya nuna masa

Maimakon ya koma kanti, ya zauna wajen mai gyaran wani yammaci yana kallon takalman da ake kawowa. Mutumin ya ɗauko guda uku ya jera masa. Na farko an manne tafinsa da gam kawai, kuma haka yawancin takalman kasuwa suke, masu araha da masu tsada. Na biyu an ɗinke tafin kai tsaye da cikin takalmin, idan aka ɗaga shimfiɗar ciki ana ganin zaren, wannan shi ne ɗinkin da ake kira da sunan Blake. Na uku yana da wata siririyar fata da ta zagaye gefen takalmin, an ɗinke ta da saman da kuma shimfiɗar ciki, sa'annan aka ɗinke tafin a jikinta daga waje. Wannan shi ne ɗinkin Goodyear, wanda aka ƙera injinsa a rabi na biyu na ƙarni na 19. Amfaninsa shi ne idan tafi ya cinye ana yanke zaren waje a cire shi a ɗinka sabo ba tare da an taɓa saman ba, kuma ana iya maimaita hakan fiye da sau ɗaya.

Ya kuma gargaɗe shi cewa akwai takalman da ake manna wa zaren ado a gefe don su yi kama da ɗinkakku. Hanyar ganewa ita ce a duba ƙasan tafin a ga ko zaren ya fito, a ƙidaya ɗinkin sama da na ƙasa a tsawon ɗan yatsa, idan ba su yi daidai ba to akwai alamar tambaya, ko da yake wasu masu ƙira sukan ɓoye zaren ƙasa cikin tsagi. Game da fata kuwa ya ce a danna ta da yatsa: wadda aka bar mata fuskarta ta asali takan yi ƙananan tamoji masu laushi kuma ana ganin ƙofofin gashi, wadda aka shafe kuwa takan yi ƙyalli kamar leda ta lanƙwashe da kauri.

Da wannan ya sauya tambayar da yake yi wa kansa. Ya daina tambayar shekara nawa takalmi zai yi, domin wannan lamba ce da mai sayarwa ke bayarwa kyauta. Ya koma raba farashin da 28 don ya san sawa nawa ake bukata kafin a yi kunnen doki, sa'annan ya tambayi mai gyara ko wannan ƙirar tana iya kaiwa can.

Shekara ta uku: mai tsada na biyu, da kuskuren wata biyar

Ya sayi sau-ciki na fata mai ɗinkin Goodyear a kan 10,000. Wannan karon da yamma ya gwada, bayan ya taso daga aiki, da safar da yake sawa kullum, ya tsaya ya zagaya cikin kantin, ya tabbatar akwai sararin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsansa mafi tsawo da bakin takalmin. Tafin na fata ne, don haka ya biya 500 aka manna masa siririyar roba a rabin gaba, wadda ita za ta riƙa cin ƙasa maimakon fatar da zaren. Ya kuma sayi ƙafar katako ta 400 da ake zura wa takalmi idan an cire shi don kada ya lanƙwashe.

Wata biyar ya yi yana sa shi kullum, sawa 100 a jere, har da ranakun ruwa. Abu biyu suka lalace. Na farko, cikin takalmin bai taɓa bushewa ba. Ƙafa tana zufa sosai, fata kuma tana tsotse zufar, kuma dare ɗaya ba ya isarta ta bushe. Takalmin ya fara wari, farin gishiri ya fito a gefe, kuma rufin cikin dunduniya ya fara sulɓewa. Wata rana da ruwa ya jiƙa shi ya ajiye shi kusa da wuta, washegari ya tarar fatar ta yi tauri a wurin lanƙwasa. Na biyu, robar ƙasan dunduniya ta cinye ta gefe bai kula ba har cin ya shiga fatun da aka jera a samanta. Gyaran da zai tsaya a 300 ya koma 800, domin sai da aka sake gina dunduniyar.

Mai gyara ya ba shi shawara ya riƙa hutar da takalmin wuni ɗaya tsakanin sawa da sawa, idan ya jiƙe kuma ya cusa masa takarda ya bar shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Hutarwa tana bukatar takalmi na biyu, shi kuwa ba shi da wata 10,000. Sai ya sayi na 2,000, amma ya zaɓi mai kaurin tafin roba da cikakkiyar dunduniya, kuma kafin ya fara sa shi ya kai wa mai gyara ya zagaye tafin da ɗinki. Ɗinkin da shimfiɗar ciki suka ci 240. Daga wata na shida tsarin ya zama kwana uku a mako na fata, Litinin da Laraba da Juma'a, kwana biyu na araha, idan kuma aka tashi da hadari sai a musanya. Kenan na fata sawa 12 a wata, na araha 8.

A ƙarshen shekarar na fata ya yi sawa 184, an kashe masa 12,000 har da mai na 300. Kuɗin kowace sawa 65.

Shekara ta huɗu da ta biyar

Waɗannan shekaru biyu ba su da labari mai yawa. Kowace shekara ya canza robar dunduniya a kan 300 tun kafin ta ƙare, ya kashe 300 a mai, kuma a shekara ta huɗu ya sabunta robar gaba a kan 500. A ƙarshen ta huɗu lissafin ya tsaya a 13,100 da sawa 328, wato 40. A ƙarshen ta biyar ya tsaya a 13,700 da sawa 472, wato 29. Bayan cikakkun shekara uku da sayensa, takalmin bai riga ya kamo 28 ba.

Abin da bai yi tsammani ba ya fito ne daga ɗaya ɓangaren kalandar. A cikin wata 31 na wannan tsari ya sa na araha sau 248, kuma biyu kacal ya saya, kowane ya yi kusan sawa 124. Kuɗinsu duka 4,480, wato 18 a kowace sawa. Tafinsu bai ɗaye ba ko sau ɗaya saboda ɗinkin, abin da ya kashe su shi ne ɓarewar saman, wadda babu mai gyaran da ke da maganinta.

A daidai lokacin kuma ya yi sha'awar sayen wani takalmin na 10,000 don taro da bukukuwa. Ya duba kalanda ya ga irin waɗannan fita ba su wuce 8 a shekara ba. Kafin takalmin ya kai 28 sai an sa shi sau 357, wanda a wannan tafiya shekara 44 ne da ɗoriya. Ya bar maganar, ya riƙa goge na aikin yana zuwa da shi.

Shekara ta shida da ta bakwai: canza tafi

A farkon shekara ta shida tafin fatar ya yi laushi a tsakiya, idan aka danna shi da babban yatsa yana lotsawa, alamar ya kusa hujewa. Mai gyara ya ce canza tafi gaba ɗaya 3,000 ne, daidai kuɗin da aka nema a shekara ta biyu. Ya yi lissafin da ya koya a wancan lokacin, bai haɗa da abin da ya wuce ba. Saman lafiya lau yake, in ban da taurin da wuta ta bari, kuma mai gyara ya kimanta zai ƙara sawa 300 ko fiye. Kuɗin tafi da hidimar shekara biyu za su kai 4,500, a raba da 300 ya ba da 15. Wannan ya gaza 28, ya kuma gaza 18. Ya yarda aka yi.

A cikin wata 24 da suka biyo baya ya sa shi sau 288. Abin da aka kashe ya zo daidai da kimantawar: tafi 3,000, robar dunduniya sau biyu 600, mai 600, da facin rufin cikin dunduniya 300. Kowace sawa ta wannan zango ta kama kusan 16. Idan aka haɗa tun daga ranar saye, 18,200 ne da sawa 760, wato kusan 24. A ranar da aka rufe wannan lissafi takalmin yana nan yana aiki, amma tsaga ta fara bayyana a wurin da wuta ta taɓa, kuma mai gyara ya ce ba ya ba da shawarar a sake zuba masa kuɗin tafi karo na biyu.

Hukunci

Idan aka gwada da yadda yake yi a shekarar farko, takalmin fata ya ci riba. Sawa 760 a kan 28 za ta ci 21,280, shi kuwa ya kashe 18,200, rarar 3,080 a shekara biyar. Riba ce ta gaskiya, amma ƙarama ce ƙwarai idan aka tuna da alkawarin da ake yi wa mai saye cewa mai tsada zai rage masa rabin kuɗi, kuma duk ta zo ne bayan canza tafi. Da takalmin ya ɓace, ko an sace shi, ko ƙafarsa ta canza girma a shekara ta huɗu, da ya tashi da asara. Wanda ya sayi mai tsada ya biya kuɗin sawa ɗari huɗu a dunƙule tun ranar farko, ya kuma ɗauki kasadar duk abin da zai faru kafin ya cinye su, alhali mai sayen na araha bai taɓa sa fiye da 2,000 cikin haɗari a lokaci ɗaya ba. Ga wanda 10,000 za ta taɓa kuɗin abincinsa ko ta sa shi cin bashi, wannan bambanci ya fi rarar 3,080 nauyi.

Idan kuma aka shigar da takalmin shekara ta biyu, lissafin ya juye. Sawa 120 a kan 80 maimakon 28 asarar 6,240 ce, ninki biyu na rarar da na fata ya kawo. Takalman nan biyu farashinsu kusan ɗaya ne, 9,000 da 10,000, amma ɗaya ya ƙare a 80 ɗaya a 24, saboda haka farashi bai faɗi komai ba game da ƙarko. Abubuwan da suka raba su uku ne: dacewa da ƙafa, irin abin da aka yi tafin da shi tare da shekarunsa, da kuma ko ƙirar tana karɓar gyara. Duka ukun ana iya duba su kafin a biya kuɗi.

Lambar 18 ta takalmin araha mai ɗinki ita ce mafi ƙanƙanta a cikin cikakkun lissafan, kuma a ganina ita ce sakamakon da ya fi cancanci a tsaya a kansa, domin ba tare da ƙarin kuɗi ba, a kan 2,240 ɗin da kowane takalmin araha ya ci tun shekarar farko, 28 ta sauko zuwa 18. Sai dai ba za a ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta ba. Abu uku aka canza a lokaci ɗaya, wato zaɓen mai kaurin tafi, da ɗinki, da hutarwa, don haka wannan kalanda ba za ta iya nuna rabon kowanne ba, kuma takalmi biyu kacal aka gwada. Haka nan babu tabbacin cewa na fata zai kai 760 in da ba na araha ne ya ɗauke masa ranakun ruwa ba, kamar yadda na araha ba lalle ya kai 124 ba in da kullum ake sa shi. Abin da aka auna a shekara biyar na ƙarshe tsari ne na takalmi biyu masu taimakon juna.

Akwai kuma abin da rabawa ba ta kamawa. Sawa ta 70 ta takalmin araha, da ɓararren sama da lotsattsiyar shimfiɗa, ba daidai take da sawa ta 10 ba, amma kalanda layi ɗaya take ba kowace. Na fata kuwa ya fi daɗin sawa a shekara ta huɗu fiye da watan farko, domin cikinsa ya ɗauki siffar ƙafar. Mai lissafin ya ce a ranakun da yake sa na fata yakan dawo gida ƙafarsa ba ta yi tsami kamar sauran ranakun ba, kuma wannan ne ya sa da aka ce saman ya kusa ƙarewa ya fara tara kuɗin wani irinsa, duk da cewa kalandarsa ta nuna masa bambancin 6 a kowace sawa tsakanin 24 da 18. A kwana 144 da yake sa shi a shekara, bambancin 864 ne, kuma ya ce ya san abin da yake saye da shi.